Logbuk ɗin SIWES: Me ya faru, me na koya, me zan yi gaba

'Yan uwa ɗalibai, musamman waɗanda za su fita SIWES bana da waɗanda ke tsakiyarsa yanzu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta a nutse, domin maganar maki ce.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin difens ya san yadda abin yake tafiya. Malamai uku ko huɗu suna zaune, ɗaya ya ɗauki logbuk ɗinka ya buɗe ko'ina hannunsa ya faɗa, ya karanta layi ɗaya, sannan ya ɗago kai ya ce, “To, ka ce ka taimaka wajen gyara. Me ya lalace? Ta yaya kuka gane?” A nan ake rabuwa. Wani zai amsa kamar jiya abin ya faru, wani kuma zai tsaya yana kallon silin, alhali da gaske ya je wurin aikin, ya sha rana wata shida cur. Aikin ya yi shi, amma littafinsa bai riƙe masa komai ba. A wasu sassan kuwa SIWES zango guda ne sukutum, don haka makin da aka ba ka a wannan zaman yana iya ɗaga sakamakonka gaba ɗaya ko ya ja shi ƙasa.

Hukumar ITF da ke da hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ta fara wannan shiri a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri suna fitowa ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Shi ya sa takardun da ake bin mu da su duk suna neman shaida ne: fom na fara aiki, logbuk da ogan wurin aiki ke sa wa hannu duk mako, ziyarar malamin makaranta, fom na 8 a ƙarshe, hatimin ofishin ITF, sai rahoto da difens. Sa hannu da hatimi suna nuna ka je. Abin da ka fahimta kuwa, rubutunka ne kaɗai zai nuna shi.

Ni na yi nawa a Gwarinpa, a wani ƙaramin kamfanin haɗa sola da inbata. Ina karanta injiniyancin lantarki, ina kwana gidan kawuna a Kubwa, kullum da safe in biyo babban titi in sauka, in shiga keke zuwa shago. Gwarinpa unguwa ce da aka gina zamanin Abacha, gidaje jere a kan manyan layuka, kuma da wuya ka bi layi ba ka ga farantin sola a saman rufi ba. Aiki bai yanke mana ba. Tun makon farko ogana, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ce ba zai sa hannu a shafin da aka cika da “mun je aiki, mun dawo” ba. Ya ce duk Juma'a in zaɓi abu ɗaya da ya faru a makon, in amsa tambayoyi uku a kansa: me ya faru, me na koya, me zan yi gaba.

Daga baya na bincika na ga tsarin yana da asali. Wani malami Ba'amurke mai suna Terry Borton ne ya kawo waɗannan tambayoyi uku a littafinsa na 1970, sannan John Driscoll ya gyara su a 1994 don ma'aikatan jinya a Birtaniya, waɗanda ake son su riƙa waiwayar abin da ya faru a bakin aiki. Akwai wani tsarin na Graham Gibbs na 1988 mai matakai shida. Yana da kyau, amma wanda ya dawo daga hawa rufi da magariba, ya sha cunkoson hanyar Kubwa, ba zai iya matakai shida duk mako ba. Uku kuwa ana iyawa, ko a bayan takarda.

Bari in ɗauki aiki ɗaya daga mako na tara in nuna yadda ake yi, domin bayani ba misali ba ya zama a kai. A littafin da Turanci na rubuta kamar yadda ake buƙata, a nan zan sa shi da Hausa, kowa ya juya nasa.

Wata Hajiya ce a wajen 3rd Avenue ta kira, ta ce inbatarta tana mutuwa wajen ƙarfe biyu na dare, alhali a da tana kai su asuba. Ita a ganinta ƙurar hunturu ce ta rufe farantan, har ta sa yara sun wanke, amma ba abin da ya canza. Inbatar 5kVA ce mai aiki da 48V, da batura huɗu na ruwa, kowane 12V 200Ah, an haɗa su a jere, wato kan wannan a gindin wancan. Kayan da suke bari a kunne da dare, firiza da fankoki da 'yan fitilu, sun kai kusan wat 500.

Injiniya bai taɓa komai ba sai da ya sa na yi lissafi a tsaye. 48 sau 200 ya ba da 9,600, wato wutar da baturan za su iya riƙewa ke nan idan lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan batura ba a son a sha fiye da rabinsu, saura 4,800. Inbata kanta tana cin kusan kashi goma cikin ɗari wajen juya wutar, saura 4,320. Ka raba da 500, ka sami awa takwas da ɗoriya. Idan an koma kan batir ƙarfe goma na dare, ya kamata a wuce shida na safe. Ita kuwa awa huɗu take samu. Rabin wutar ya ɓace a wani wuri.

Muka cire caji da lodi, muka bar baturan suka ɗan huta, na auna kowane da mita: 12.7, 12.7, 12.6, 12.3. Jimilla 50.3, kuma kusan abin da allon inbata ke nunawa ke nan. Wanda ya tsaya a allon zai ce komai lafiya. Sai Injiniya ya ce a kunna kaya har da dutsen guga, lodi ya kai wajen wat 1,500, a jira minti goma, a sake aunawa ana cikin jan wutar. Wannan karon: 12.1, 12.1, 12.0, 10.4. Uku sun sauka da 0.6 kowane, na huɗun ya sauka da 1.9. Da muka leƙa bayansa muka ga wasu siraran wayoyi biyu sun fita daga kansa sun bi bango. Na tambayi maigadi, “Baba, wannan wayar ina ta nufa?” Ya ce, “Ai ta fitilar ƙofa ce, ɗana. Wani mai gyara ne ya jona ta bara, ya ce ba ta cin komai.”

To, ga yadda yawancinmu ke rubuta irin wannan rana a logbuk: “Mun je gidan wata kwastoma mun duba inbata. Mun gano batir ne ya lalace. Na koyi abubuwa da yawa game da batir.” Babu ƙarya a ciki, amma duk wanda ya zauna a shago yana danna waya zai iya rubuta shi. Malamin difens ba shi da abin da zai kama ya ba ka maki a kai, kai ma bayan wata huɗu ba za ka tuna wane gida ba ne.

Yanzu ga kashi na farko yadda na rubuta shi.

“Me ya faru: Ranar Talata mun je gidan da inbata mai 48V da batura huɗu 12V 200Ah ke mutuwa bayan awa huɗu da lodin wat 500, alhali lissafi ya nuna ya kamata ta wuce awa takwas. Na auna kowane batir ba lodi, na sami 12.7, 12.7, 12.6 da 12.3. Ogana ya sa aka ɗora lodin wat 1,500 na minti goma, na sake aunawa na sami 12.1, 12.1, 12.0 da 10.4. Mun tarar an jona fitilar ƙofa mai wat 30 a kan batir na huɗu shi kaɗai. Ogana ya cire wayar, ya mayar da fitilar kan wutar da ke fita daga inbata ta hanyar ƙaramar adafta, muka ɗauki batirin zuwa shago don a yi masa caji shi kaɗai.”

Ku lura da abin da ke cikin wannan kashi. Akwai rana, akwai matsalar da aka kira mu a kanta, akwai lambobin da aka auna, akwai abin da aka yi. Kuma an raba aikina da na ogana: ni na auna, shi ya yanke shawarar ɗora lodi, shi ya cire waya. Wannan rabewar tana da amfani ƙwarai a difens. Idan ka rubuta “mun yi” daga farko har ƙarshe, tambayar farko ita ce, “Kai me ka yi?” Idan kuma ka ɗora wa kanka aikin oga, tambaya biyu ta isa a gane. Ba a neman ɗan SIWES ya zama shi ne ya gyara komai, ana neman a ga inda hannunsa ya taɓa da inda idonsa ya kalla.

Kuma ku lura da abin da babu. Babu sunan Hajiya, babu lambar gidanta. Logbuk yana bi ta hannun mutane da yawa, daga wurin aiki zuwa ofishin ITF zuwa sashenku, don haka sunan kwastoma da adireshinsa da kuɗin da ya biya ba su da wuri a ciki. Waɗanda ke asibiti ko ɗakin gwaji ko banki, wannan ya fi shafar su. Haka nan babu ra'ayi. Ban ce wanda ya jona fitilar bai iya aiki ba. Kashi na farko na abin da ido ya gani ne da abin da mita ta nuna, hukunci yana jiran kashi na biyu.

Hanyar gane ko kashi na farko ya yi ita ce ka ba abokinka da bai je wurin ba ya karanta, ka ce ya maimaita maka abin da ya faru. Idan ya iya, ya yi. Idan ya fara tambayar “wane irin batir?” ko “nawa kuka samu?”, ka san inda ramin yake. Cutarsa ta biyu kuma tsawo. Wasu sukan fara daga tashi da asuba, da hawa mota, da gaisawa da maigadi, sai shafi ya cika ba a zo kan batir ba. Jimla biyar ko shida sun isa.

Kashi na biyu shi ne mai nauyi, kuma a nan mafi yawan maki yake.

“Me na koya: Allon inbata jimillar batura huɗu yake nunawa, don haka batura uku masu lafiya suna iya ɓoye ɗaya mara lafiya. Batirin da ya raunana yana iya nuna sama da 12V idan yana hutawa, sai an ja wuta daga gare shi rauninsa ke fitowa. A aji an koya mana cewa abubuwan da aka haɗa a jere wuta iri ɗaya ce ke ratsa su. A nan na ga abin da hakan ke nufi: caja tana ba duka huɗun daidai wa daida, amma na huɗu yana fitar da ƙari. Fitilar wat 30 a kan 12V tana jan amfiya 2.5, a awa goma sha biyu ta sha 30Ah duk dare, wanda sauran ukun ba sa biya. Caja kuma jimilla take kallo, idan ukun suka cika jimillar ta hau, sai ta rage caji alhali na huɗu bai cika ba. Batirin dalma da ya daɗe ba ya cika, gishirin sulfet yana taurarewa a farantansa, ƙarfinsa ya ragu. An saita inbatar ta kashe kanta a 44V, don haka idan ukun suna kan 12 kowane, na huɗu ya faɗi zuwa 8, gida ya yi duhu alhali akwai sauran wuta a batura uku.”

Me ya bambanta wannan da “na koyi abubuwa da yawa”? Abu na farko, kowace jimla magana ce da za a iya gwadawa a ga gaskiya ce ko a'a. Na biyu, ya amsa “don me”. Kashi na farko ya ce batir ya nuna 10.4, na biyu ya faɗi dalilin. Na uku, ya ɗaura abin da ya faru da wani darasi na aji. Wannan ɗaurin shi malamai ke nema ruwa a jallo, domin shi ne hujjar cewa karatun shekara uku ko huɗu ya haɗu da aikin hannu. Ba sai ka kawo sunan kwas da lambarsa ba, amma ka nuna wace ƙa'ida ce ta bayyana a gabanka, ko kuma wane abu ne wurin aiki ya ƙara maka wanda littafi bai faɗa ba. Littafi ya faɗi dokar haɗin jere, bai ce ka tambayi maigadi ba. Shi ma darasi ne, kuma na sa shi: mutumin da ke kwana kusa da kayan ya fi mai gidan sanin wanda ya taɓa su.

Ga gwajin da Injiniya ke yi wa wannan kashi. Yakan rufe kashi na farko da tafin hannu, ya karanta na biyu shi kaɗai, ya ce, “Malam, wannan zai zauna a littafin mai karanta aikin gona?” Idan amsar eh ce, sai ya tura min littafin in sake duba shi. Jimloli irin su “na koyi haƙuri”, “na koyi aiki tare da mutane”, “na gane muhimmancin zuwa a kan lokaci” suna zama a littafin kowa, shi ya sa ba sa ɗaukar maki. Ba wai haramun ne ka koyi haƙuri ba. Amma idan shi ka koya, faɗi a ina: jiran minti goma kafin a sake aunawa, alhali Hajiya tana tsaye tana tambaya ko an gama, shi ya fitar da 10.4. A minti na farko tazarar ba ta gama buɗewa ba.

Wata matsalar da ake yawan gani a kashi na biyu ita ce kwafe littafi. Ɗalibi zai cika shafi da ma'anar batir da ire-irensa da tarihin wanda ya ƙirƙiro shi. Wannan ba waiwaye ba ne, jakar hadda ce. Alamarsa ita ce babu lamba ko ɗaya daga kashi na farko da ta sake fitowa a ciki. Idan 10.4 da wat 30 da 44V ba su dawo a bayaninka ba, to bayanin ba na wannan aikin ba ne.

Sai kashi na uku, wanda shi ne mafi gajarta kuma shi aka fi wulaƙantawa.

“Me zan yi gaba: Duk gidan da aka kira mu kan inbata mai mutuwa da wuri, zan fara da lissafin awannin da ya kamata ta yi, sannan in auna kowane batir ba lodi da kuma cikin lodi, in rubuta a jadawali kafin a taɓa komai. Zan duba bayan kowane batir ko akwai wayar da ba ta haɗin ba ce. Ranar Litinin zan sake gwada wannan batirin da lodi iri ɗaya bayan ya gama caji shi kaɗai. Zan tambayi ogana dalilin da ya sa bai so a sayo sabon batir ɗaya a haɗa da tsofaffin uku ba.”

Abin da ya kamata kashi na uku ya ƙunsa shi ne aikin da za a iya dubawa a ga an yi ko ba a yi ba, da lokacinsa. “Zan ƙara ƙoƙari” ba a iya duba shi. “Ranar Litinin zan sake gwadawa” ana iya dubawa, kuma wanda ya buɗe shafin gaba zai nema. Sannan ya zama abin da ke hannunka. Ɗan SIWES ba ya canza tsarin kamfani, ba ya sayen kayan aiki, don haka “ya kamata kamfani ya sayo na'urar gwajin batir” ka ajiye shi don babin shawarwari na rahoton ƙarshe. Abu ɗaya ko biyu ko uku sun isa. Wanda ya jera alƙawari goma, mako mai zuwa ba zai cika ko ɗaya ba.

Daɗin abin shi ne kashi na uku na wannan mako shi ke haifar da kashi na farko na mako mai zuwa. A mako na goma na rubuta cewa bayan cajin, batirin ya nuna 12.6 yana hutawa, amma da lodi ya sauka zuwa 11.0, wato ya ɗan farfaɗo bai koma daidai da 'yan uwansa ba. Na kuma rubuta amsar Injiniya: sabon batir a cikin tsofaffi ba sa cika tare, ba sa ƙarewa tare, sai a sake komawa matsalar rashin daidaito ta wata fuskar, kuma sabon ya tsufa da wuri. Ya faɗa wa Hajiya gaskiya cewa za a iya lallaɓawa da wannan na ɗan lokaci idan an rage lodin dare, amma ta fara shirin canza su gaba ɗaya. Mai karanta littafin yana ganin zare ɗaya daga mako zuwa mako, kuma irin wannan zaren ba a iya ƙirƙirarsa a daren da za a kai logbuk.

Na san wani zai ce, ni wurin da nake ba a ba ni komai, daga ɗauko fayil sai sayo wa oga abinci. Gaskiya ne, akwai makonni irin haka, ni ma na yi mako guda ina ƙirga kaya a sito. Amma tsarin ba ya buƙatar babban aiki, abu ɗaya takamaimai yake buƙata. A makon siton na rubuta cewa takarda ta ce akwai burika ashirin na wutar batir, na ƙirga na ga goma sha bakwai, sauran ukun na wutar gida ne aka zuba a kwali ɗaya saboda kamarsu ɗaya. Abin da na koya shi ne dalilin da ya sa ba a musanya su: wutar batir ba ta komawa sifili tana dawowa kamar wutar gida, don haka tartsatsinta ya fi wuyar mutuwa idan an katse, kuma burikar da ba a yi ta don haka ba tana iya ƙonewa. Abin da zan yi gaba, in karanta rubutun jikin kowace burika kafin in miƙa ta. Idan kuma kallo kawai ka yi, rubuta cewa kallo ka yi, ka faɗi abin da ka gani da tambayar da ka yi. Ya fi ƙirƙirar aikin da ba ka taɓa ba, domin oga ne zai sa hannu, kuma malamin da ya zo ziyara yana iya tambayarsa a gabanka.

Maganar inda za a rubuta. Yawancin logbuk suna da 'yan layuka na kowace rana, da fili na zane, da wurin sharhin oga. Layukan rana ba za su ɗauki kashi uku ba, don haka ka cika su a gajarce da aikin ranar da lambobinsa. Waiwayen mako sai ya shiga filin taƙaitawa idan littafinku yana da shi, in babu ka riƙe ƙaramin littafi daban. Filin zane kuma kada ka bar shi fari: a mako na tara na zana batura huɗu a jere da wayoyin fitilar suna fita daga na huɗu, na sa lambobin awo a ƙarƙashin kowane. Idan sashenku ya ba da nasa tsari na rubutu, shi za ku bi, tambayoyin ukun suna shiga cikin kowane tsari.

Lambobi kuwa a wurin aikin ake rubuta su, ko a waya ko a 'yar takarda a aljihu. Bayan kwana uku 12.3 da 12.6 sun gauraye a kai. Ni nakan rubuta awo nan take, in cika layin rana da daddare, in yi waiwayen mako ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kafin in kai wa Injiniya. Bai fi min rabin awa ba. Tsawonsa kuma bai wuce kalma 200 zuwa 250 ba, kashi na biyu ya ɗauki kusan rabi.

Idan wata shida ne, za ka tashi da waiwaye wajen ashirin da huɗu. Lokacin rubuta rahoto sai ka baza su, ka zaɓi biyar ko shida mafiya nauyi. Kashi na farko na kowanne ya tafi babin ayyukan da aka yi, na biyu ya tafi babin ƙwarewar da aka samu, na uku da abubuwan da suka fi ƙarfinka su tafi babin matsaloli da shawarwari. Kafin difens kuma, ka ba abokinka logbuk ɗin ya buɗe duk shafin da ya ga dama ya tambaye ka “don me?” sau biyu a jere a kan layi ɗaya. Shafin da ka kasa amsa na biyun, shi za ka koma ka karanta, ko ka kira oganka ka tambaya tun lambarsa tana wayarka.

Wanda ya riga ya yi nisa bai fara haka ba, kada ya goge shafukan da aka sa wa hannu, kada kuma ya sake rubuta su. Ya fara daga wannan Juma'ar, sannan a littafinsa na gefe ya rubuta ayyuka uku ko huɗu na baya da har yanzu yake tuna bayanansu, tun ogansa yana kusa zai iya cike masa giɓi.

Allah Ya ba mu sa'ar difens, Ya sa albarka a abin da muka koya. Waɗanda ke hawa rufi da masu taɓa waya, Allah Ya tsare.